Yadda na daina yanke wa matiriks hukunci da ido

A shekarar da na fara koyar da aljabara ta matiriks, na rubuta matiriks mai layuka (1, 2) da (2, 1) a kan allo, na ce wa ɗalibai fozitif difinit ne, tunda duk lambobinsa suna sama da sifiri. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gwada x = 1 da y = −1." Sigarsa ta kwadiratik ita ce x² + 4xy + y², sai ga amsa ta fito −2. Sharaɗin fozitif difinit kuwa shi ne wannan sigar, wato xᵀAx, ta wuce sifiri ga kowane jerin lambobi x da ba duka sifiri ba, don haka misali ɗaya ya isa ya rushe maganata. Da na lissafa ditaminan, da na ga −3 tun kafin in buɗe baki.

A daren nan na zauna da wani matiriks wanda ɓangarorinsa biyu suke daidai kamar a madubi, domin gwaje-gwajen fozitif difinit a kan irinsa suke aiki: layukansa (2, −1, 0), (−1, 2, −1) da (0, −1, 2). Na share lambobin da ke ƙasan dayagonal ba tare da musanya layuka ba, na sami fibot uku, wato lambobin da suka rage a kan dayagonal: 2, 3/2 da 4/3, duk sama da sifiri kamar yadda gwajin yake buƙata. Sannan na ɗauki ditaminan na kusurwar sama ta hagu, ina faɗaɗa ta mataki-mataki kamar yadda ƙa'idar Sylvester ta tanada, na sami 2, 3 da 4. A nan na lura cewa kowane fibot shi ne ditaminan ɗin matakinsa a raba da na matakin da ya gabace shi, wato gwaji biyun abu ɗaya suke aunawa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne lokacin da na cike murabba'i a sigar matiriks ɗin:

2(x − y/2)² + (3/2)(y − 2z/3)² + (4/3)z²

Lambobin da ke gaban murabba'an su ne fibot ɗin nan uku. Tunda murabba'i ba ya sauka ƙasa da sifiri, jimlar tana kama da ƙwarya a zaune, gindinta a sifiri, kuma duk inda aka nufa hawa ake yi. Matiriks ɗin da ya kunyata ni kuwa fibot ɗinsa 1 da −3 ne, shi ya sa siffarsa ta zama ta sirdi.

Aigenbalu ɗin matiriks na biyun, waɗanda su ma gwaji ne, su ne 2 − √2, 2 da 2 + √2, duk sama da sifiri, amma sun fi cin lokaci da hannu, saboda haka yanzu da fibot nake farawa. Ina kuma gargaɗin ɗalibai cewa ditaminan na ƙarshe shi kaɗai yana yaudara: matiriks mai layuka (−1, 0) da (0, −1) yana ba da 1, alhali sigarsa −x² − y² ƙwarya ce a kife.