Kwana 19 takarda na kwance, allon yana nuna kore

A ofishinmu na ba da rance a Garwa ta ƙasar Kamaru, takardar neman bashi tana bi ta hannu huɗu: karɓa, bincike, sa hannun shugaba, sai biya. Na haɗa allo a Excel mai nuna takardu nawa ke jira a kowane hannu. Ƙasa da 10 kore, 10 zuwa 20 ruwan ɗorawa, sama da 20 ja. Iyaka ɗaya na sa wa kowa, kuma a nan na yi ɓarna.

Teburin karɓa yana sallamar takarda kusan 30 a yini, saboda haka 25 a wurinsu ko aikin yini bai kai ba, amma kullum gidansu a allon ja wur. Cikin mako biyu suka daina ɗaga kai su dubi allon. Shi kuwa gidan sa hannu takarda 3 kawai ke ciki, kore shar, alhali ɗaya daga cikinsu ta yi kwana 19 na aiki a kwance. Ta wani manomi ce mai neman kuɗin taki. Kafin mu farga lokacin zuba taki ya wuce. Har yau abin yana ci mini rai, don allon da na yi da hannuna ne ya rufe ta.

Yanzu yawan takardu ba ya kawo launi. Daɗewar takarda mafi tsufa a gidan ita ke kawo shi. Kwamfutocinmu na Faransanci ne, ga abin da ke ƙirga kwanakin a layin D:

```
=NB.JOURS.OUVRES(B2;AUJOURDHUI();Feries)-1
```

B2 ranar da takardar ta shiga wannan hannun ce, ba ranar da aka fara karɓarta ba, in ba haka ba na ƙarshe zai ɗauki laifin na farko. Feries sunan da na sa wa jerin ranakun hutu ne a Excel, irin su 20 ga Mayu, ranar ƙasa ta Kamaru, da ranakun Sallah. In ka manta da shi, washegarin hutu allon zai yi ja ba dalili.

Iyakar kowane hannu mun tsayar da ita ne tare da masu aikin, bayan mun duba takardun wata uku da suka wuce. Karɓa: kwana 2 ruwan ɗorawa, 3 ja. Bincike, da yake sai an je gona ko kasuwa, 5 da 8.

Koren na cire shi gaba ɗaya. Gidan da ke lafiya ruwan toka ne, don ido ya tafi kai tsaye inda matsala take, kuma akwai mazan da ba sa bambanta ja da kore. Jan gida yana ɗauke da kalmar "Gaggawa" da lambar takardar da ta jawo shi. Da na yi wannan tsarin tun farko, da takardar manomin nan ba ta kai kwana 19 ba.