Telan da na ba amitiriftilin ban tambayi tarihinsa ba

A shekarata ta biyu da fara duba marasa lafiya ni kaɗai aka kawo mini wani tela ɗan shekara 24. Yayansa ne ya riƙo shi. Wata biyu ke nan bai buɗe shago ba, yana kwana yana wuni a ɗaki, yana cewa shi ba shi da wani amfani a duniya. In ka yi masa tambaya sai ka ƙirga goma kafin ya amsa. Na tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, ya ce tunanin mutuwa na zo masa amma bai shirya komai ba. Na ƙirga alamomin ciwon damuwa, sun haura biyar cikin taran da ake nema, kuma sun wuce mako biyu nesa ba kusa ba. Na rubuta masa amitiriftilin, miligiram 25 da dare, na ce a ƙara a hankali zuwa 75. Duk abin bai ɗauke ni minti goma sha biyar ba, kuma a ranar ina ganin na yi aiki mai kyau.

Ku ƙannena da ke shigowa wannan aiki, likitoci da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci, abin da na rubuta a katinsa ba ƙarya ba ne. Yana cikin damuwa mai tsanani. Abin da ban sani ba shi ne damuwar wane ciwo ce. Akwai mai ciwon damuwa zalla, wanda ƙasa kawai yake yi ya dawo daidai. Akwai kuma mai baifola, wanda yake yin ƙasa, wani lokaci kuma ya yi sama ya wuce daidai. Ranar da su biyun suka zauna gabanka suna cikin damuwa, kamarsu ɗaya. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai raba maka su, takardar tambayoyin nan ta PHQ-9 ma nauyin damuwar kawai take aunawa. Bambancin yana cikin abin da ya faru bara ko bara waccan, kuma shi mai ciwon ba zai kawo maka zancen da kansa ba.

Bayan mako biyu telan ya dawo shi kaɗai, ya sha wanka da turare, yana ta murmushi. "Likita, na warke sarai. Ban taɓa jin daɗin jikina irin yanzu ba." Nan na yi kuskure na biyu: na taya shi murna, na ce ya ci gaba da shan magani. Maganin damuwa a hankali yake ɗaga mutum, sai a yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken aikinsa, kuma iyakarsa ya mayar da mutum yadda yake a da. Wanda ya tashi daga kwance cikin 'yan kwanaki ya zarce yadda yake a da, wannan abin tsayawa a bincika ne. Da na tambaye shi awa nawa ya yi barci daren jiya, da na ji cewa uku ne.

Kwana tara bayan haka yayan ya sake kawo shi, wannan karon da mutum biyu suna riƙe da shi. Ya karɓi kuɗin ɗinki a hannun mutane ya sayi kekunan ɗinki uku, ya kama hayar shago na biyu, yana cewa zai buɗe kamfanin da zai riƙa kai kaya Dubai. Magana yake ba waƙafi, daga zancen shadda ya faɗa wa'azi, daga wa'azi ya koma siyasa. Wanda duk ya katse shi ya sha zagi. Yayan ya ce, "Likita, wallahi irin na bara ne, sai dai wannan ya fi ƙarfi." Wannan kalma, "irin na bara", ita ce ya kamata in nema tun ranar farko.

To, yaya ake nemanta? Na daɗe ina yin tambayar a karkace. In ka ce wa mutum, "Ka taɓa jin farin ciki mai yawa?" zai ce e, ranar aurensa, ko ya ce a'a don yanzu duniyar ta yi masa baƙi har bai tuna wani farin ciki. Tambayar da ta fi kamo gaskiya ta barci ce da ƙarfin jiki: "An taɓa yin wasu kwanaki a jere da kake barcin awa biyu ko uku kawai, ka tashi garau, ƙarfinka ma ya fi na kullum?" Ku lura da wutsiyar tambayar. Mai damuwa zalla shi ma yana rasa barci, amma yana son barcin ne ya ƙi zuwa, gari ya waye masa a gajiye. Mai hawa sama ba ya jin yana buƙatar barcin, gani yake ɓata lokaci ne.

A wajen tela kuwa sai an ƙara tacewa, domin kowane tela yana raba dare a goman ƙarshe na azumi. Da na zauna da mahaifiyarsa daga baya, na ce, "Inna, wannan rashin barcin na bara, lokacin ɗinkin sallah ne?" Ta ce, "Ina! Bayan sallah da wata biyu ne, babu ma aiki. Da sallah yana ɗinki yana gyangyaɗi, har shayi ake kai masa. Wancan kuwa tsakar dare sai mu ji shi yana share gida yana waƙa." Kwana goma ya yi a haka, ya rabar da kayan sawarsa, ya je neman auren wata yarinya da sau ɗaya ya taɓa ganinta, sannan abin ya lafa da kansa. Gidan suka ce ko shafar aljanu ce, aka yi masa ruƙiyya, aka bar zancen. Shi kansa bai ɗauki waɗannan kwanaki a matsayin ciwo ba. A wurinsa su ne lokacin da ya fi kowa lafiya. Shi ya sa yanzu ba na rufe tarihi sai na ji daga bakin wanda yake kwana gida ɗaya da mai ciwon, da izininsa, kuma tambayata gare su ita ce, "Kun taɓa ganin ya canza har kuka ce wannan ba shi ba ne?"

In amsar ta zo e, sai a auna tsawo da nauyi. A ma'aunin DSM-5, littafin da ake tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da shi, babban hawa, wato meniya, shi ne mako ɗaya ko fiye, ko kuma ko kwana nawa ne in har sai da aka kwantar da mutum a asibiti. Ƙaramin hawa, haifomeniya, aƙalla kwana huɗu ne a jere, mutane sun ga canjin amma bai rushe masa aiki da zama da jama'a ba. Wanda ya taɓa yin babban ko sau ɗaya a rayuwarsa, baifola nau'i na ɗaya ke nan. Wanda ƙaramin kawai yake yi tare da damuwa mai tsanani, nau'i na biyu, kuma shi ne ya fi kuɓuce mana. Kada ku jira sai kun ji labarin fara'a. Wasu hawansu da faɗa da saurin fushi yake zuwa. Canjin hali na awa biyu don an ɓata wa mutum rai kuwa ba ya cikin wannan lissafi, ko da 'yan gida sun ce "yau fari gobe baƙi ne shi".

Tambaya ta biyu a nauyi ita ce ta dangi. A nan ma in ka ce "akwai mai taɓin hankali a gidanku?" za a ce maka babu, ko don kunya. Ni cewa nake, akwai wanda aka taɓa kwantarwa a Dawanau ko Barnawa ko Kware? Akwai wanda aka taɓa ɗaurewa, ko wanda abin ke taso masa lokaci-lokaci ya lafa? Akwai macen da ta rikice bayan haihuwa? Akwai wanda ya kashe kansa? Inna ta yi shiru, sannan ta ce ƙanin mahaifinsa kusan duk bayan shekara biyu sai an kulle shi a ɗaki.

Sauran alamun ba sa yanke hukunci su kaɗai, nauyi suke ƙara wa zato. Damuwar da ta fara kafin shekara 25, wadda ta sha dawowa, wadda ke zuwa farat ɗaya ta tafi farat ɗaya, ko wadda ta zo da yawan barci da nauyin jiki maimakon rashin barci. Haka wadda ta zo da jin muryoyi, ko ta faro a makonnin jego. Sannan a tambayi abin da maganin damuwa ya taɓa yi wa mutum: ya hana shi zama wuri ɗaya, ko an gwada kala biyu uku babu wanda ya yi aiki? Telana ya fara tun yana ɗan 19, wannan ce damuwarsa ta uku, kuma barcin awa goma sha biyu yake yi. Duk suna nan a ranar farko, ni ne ban tambaya ba.

Kada kuma wannan labari ya sa ku riƙa liƙa wa kowa baifola, don na yi wannan ma daga baya. Wata matashiya ta zo da rashin barci da surutu da faɗa, har na fara rubutu, sai ƙanwarta ta fito da ƙwayoyin ƙiba daga jaka, deksametazon ne. Magungunan wannan dangi suna iya kawo hawa, haka maƙoƙo mai aiki fiye da kima, haka wiwi da taramol. A tambayi abin da mutum yake sha, a duba wuya da bugun zuciya, a ga ko hawan ya taɓa zuwa a lokacin da ba ya shan komai.

Dalilin duk wannan wahala shi ne maganin ya bambanta. Maganin damuwa shi kaɗai a jikin mai baifola yana iya tunkuɗa shi sama, kuma dangin amitiriftilin, wanda shi ne mai araha a hannunmu, sun fi yin haka. In ka samu tarihin hawa, kada ka fara shi. Tura mutumin ga likitan ƙwaƙwalwa. In kuma ya riga ya fara sai hawan ya bayyana, a tsayar da maganin a gan shi a ranar. Cikin magungunan baifola, litiyam yana buƙatar gwajin ƙoda da na maƙoƙo da auna yawansa a jini, balfurowet kuma ana guje masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki, domin yana illata jariri.

Telan ya yi mako uku a kwance, aka sallame shi a kan litiyam. Kekuna biyu aka sayar da asara aka biya masu kaya. Na ba Inna aiki guda: duk ranar da ta ga ya yi dare biyu a jere yana barcin ƙasa da awa huɗu kuma bai gaji ba, ta kawo shi, kada ta jira ranar da aka rubuta a kati. Sau ɗaya ta kawo shi a haka, ana saura kwana shida sallah, yana ta hamma a kan benci yana cewa shi dai a bar shi ya je ya ƙarasa ɗinkin mutane.