Takardar Gayyatar Iyaye: Abin da Shekaru Suka Koya Mini a Aboabo

Shekarar da aka ba ni shugabancin wata ƙaramar sakandare a Aboabo, nan Kumasi, na rubuta wa wani uba takarda mai layi biyu da Turanci, cewa ya zo makaranta ranar Litinin game da ɗansa. Ya zo kuwa, riƙe da hannun yaron, idon yaron a kumbure. Tun daren Asabar ya zane shi. Da na ce ai lissafinsa ne ya ja baya, ba laifi ya yi ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, to me ya hana ku faɗa?" Ban sami amsa ba.

A Zango, idan makaranta ta kira uba ba ta faɗi dalili ba, laifi ko kuɗi kawai zai kawo a ransa. Shi ya sa yanzu, bayan sallama, jimlar farko a takardata ita ce: 'yarku ba ta yi laifi ba, kuma ba maganar kuɗi ba ce. Wasu malamai sun ce wannan yana rage wa takardar kwarjini. Ni dai na ga ya ƙara yawan masu zuwa.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin na gane shi ne wanda ke karanta takardar. Iyaye da yawa a nan sun yi makarantar allo, suna jin Hausa da Twi, amma Turancin ofis sai an fassara musu. Mai fassarar kuwa sau da yawa shi ne yaron da ake maganarsa, ka ga an ba kura ajiyar nama. Don haka ina rubutawa da Turanci mai sauƙi saboda kwafin da zai zauna a fayil, in sa Hausa a ƙasa, sannan malamin aji ya bi da kira ko saƙon murya. Ƙasan takardar kuma akwai ɗan yanki da za a sa hannu ko dangwale a dawo da shi. Idan kwana biyu bai dawo ba, na san takardar tana cikin jaka.

Ga wata yarinya 'yar JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare. Zangon farko ta ci 62 a lissafi, zango na biyu 38, alhali Turancinta da kimiyya ba su motsa ba. Kafin in rubuta komai na ɗauko rajista da jadawalin darussa. Ta makara sau goma sha huɗu a zangon, kuma lissafi ne darasin farko kwana uku a mako. Sai na rubuta: "Hajiya, muna gaisuwa. 'Yarku ba ta yi laifi ba, kuma ba maganar kuɗi ba ce. Makinta na lissafi ya sauko daga 62 zuwa 38, muna kuma ganin tana yawan rasa darasin safe. Muna roƙon ki zo ranar Laraba ƙarfe biyu, bayan Azahar, mu yi shawara ta minti ashirin. In ranar ba ta yi ba, ki zaɓi wata."

Da gangan na sa sa'ar. Hajiyar tana sayar da koko da ƙosai, kiranta da safe daidai yake da cewa ta zubar da cinikin ranar. Juma'a kuwa ba na kiran kowa. Na kuma daina rubuta "mahaifi" kafin in tambaya wa ke riƙe da yaro, domin sau da yawa kaka ce ko gwaggo, uban yana Accra ko bayan ƙasa.

Da ta zo na shimfiɗa mata littafin aikin yarinyar, ta ga shafukan da babu komai da idonta. Na yi mata bayanin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare a Ghana: maki daga 1 zuwa 9 ne, 1 ya fi kyau, ana haɗa darussa shida, lissafi kuma dole yana cikinsu, ba a musanya shi da wani. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce, amma makarantar da za a tura yaro ta dogara da wannan jimillar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Hedimasta, ita ke kai mini bokitin koko bakin titi, sai an watse take tahowa." Ban ce ta daina taimaka mata ba, da na faɗi haka da ba ta sake zuwa ba. Muka daidaita: Litinin, Talata da Alhamis ɗan ƙanin Hajiyar da ya gama makaranta zai kai bokitin, mu kuma malamin lissafi zai zauna da yarinyar rabin awa bayan tashi. Na rubuta wannan a bayan kwafin takardar, da ranar da za mu sake duba rajista, bayan mako huɗu.

Zango na uku ta ci 51. Makarar ta ragu zuwa sau uku, biyu daga ciki ranakun da ruwan sama ya cika kwalbati.