Wasiƙar neman aiki: abin da idona ke nema a sakan goman farko

Aikina tace masu neman aiki ne. Kamfani ya fitar da talla, wasiƙu su yi ta shigowa, ni kuma in zaɓo 'yan kaɗan da manaja zai gani ido da ido. A zagayen farko ba karatu nake yi ba, rarrabewa nake yi. Kowace wasiƙa tana faɗawa ɗaya daga cikin tuli uku: wadda zan karanta a natse, wadda zan waiwaya idan tulin farko bai cika ba, da wadda ta tafi ke nan. Wani kamfanin neman ma'aikata na Amurka mai suna Ladders ya taɓa bin motsin idon masu irin aikina da na'ura, a 2018 ya ce kallon farko da ake yi wa takardar tarihin aiki sakan 7.4 ne a matsakaici. A kan takardar tarihin aiki suka yi awon, amma wasiƙar da ke rakiyarta ma ba ta samun abin da ya fi haka sosai a hannuna.

Tun kafin in buɗe komai, akwatin imel ya riga ya nuna mini sunan mai aikowa, kan saƙon, da 'yan kalmomin farko. Idan talla ta ce a rubuta sunan gurbin a kan saƙo, mutum kuma ya bar wurin fayau ko ya rubuta "neman aiki" kawai, to ya ba ni aikin gano wane gurbi yake so, alhali sau da yawa gurabe da dama ne a buɗe lokaci guda. Da wannan kan saƙon nake nemo wasiƙun kowane gurbi, saboda haka wanda bai sa shi ba yana iya ɓacewa ba tare da kowa ya ƙi shi ba. Sunan fayil ma haka. Idan na sauke takardu cikin jaka guda, sai in tarar da `CV.pdf` da `CV (1).pdf` da `CV (2).pdf` sun yi layi, ban san na wa da wa ba. Wanda ya sa sunansa da sunan gurbin a jikin fayil ya sauƙaƙa wa kansa.

Bari in ɗauki gurbi ɗaya da na taɓa tacewa, na mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya. Tallar ta nemi abu biyu ƙarara: wanda ya yi aikin sito aƙalla shekara 2, wanda kuma ya iya riƙe lissafin kaya a Excel. Sauran abubuwan da aka jero ƙari ne. Da na zauna tacewa, waɗannan biyun ne kawai a kaina. Idona yana sauka a layin da ke ƙarƙashin gaisuwa, ya bi jimla biyun farko, sannan ya zame ƙasa yana farautar lamba, ko sunan wani aiki, ko kalmar da ke cikin tallar. Lamba tana tsayar da ido saboda siffarta daban take da haruffa. Idan na sami abin kamawa, sai in koma sama in fara karatu na gaske.

Yawancin wasiƙun da wannan suka buɗe, ko da ɗan uwansa: "Cikin girmamawa da ƙanƙan da kai nake rubuto wannan wasiƙa domin neman kowane irin gurbi da ke akwai a wannan kamfani mai albarka. Ni mutum ne mai ƙwazo, mai gaskiya da riƙon amana, mai iya aiki da jama'a." Ladabin ba laifi ba ne, kuma ban taɓa ƙin mutum don ya yi ladabi ba. Matsalar ita ce sakan goman sun ƙare ban san komai game da shi ba. Ƙwazo da amana ba abin da zan iya tabbatarwa daga takarda ba ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya rubuto cewa shi malalaci ne ba. Kalmar "kowane irin gurbi" ita ce ta fi yi masa illa. Shi yana ganin ya nuna sauƙin kai, ni kuwa abin da na karanta shi ne bai duba tallar ba, ko kuma wasiƙa guda ce yake ta watsawa ko'ina.

Wata wasiƙa a wannan tulin, ta wata mata, ga yadda ta fara bayan gaisuwa ta layi ɗaya: "Ina neman gurbin mai kula da sito da kuka tallata. Na yi shekara 3 ina riƙe siton wani kamfanin sayar da kayan gini, inda nake karɓar kaya, in shigar da su katin kaya da kuma Excel, in yi ƙidaya duk ƙarshen wata." A jimla biyu ta amsa tambayoyina biyu. Ban yanke cewa ita ce za a ɗauka ba, amma ta sayi minti biyu na hankalina, kuma abin da farkon wasiƙa zai iya saye ke nan.

Sakin layinta na biyu shi ne ya sa na yi mata alama. Ta ce lokacin da ta karɓi siton, abin da ke rubuce da abin da ke cikin siton ba sa haɗuwa a ƙarshen wata, sai ta gano ana fitar da kaya da baki, takardar fitarwa ta biyo baya ko ma kada ta zo. Ta tsaya a kan cewa babu abin da zai bar ƙofa sai da takarda mai sa hannu. Ta kuma jera siminti yadda wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, don kada na ƙasa ya daskare. Wanda bai taɓa tsayawa a sito ba ba zai san cewa siminti na daskarewa in ya daɗe a danshi ba, balle ya san rigimar fitar da kaya da baki. Irin wannan bayanin ba a iya kwafo shi daga samfurin wasiƙa. Ba ta rubuta kalmar amana ko sau ɗaya ba, amma tana cikin labarin takardar fitarwar. Ya kuma ba ni tambayar da zan yi mata ranar ganawa: me ta yi ranar da babba a kamfanin ya zo yana son kaya ba takarda?

Akwai abubuwan da ke sa in daina karatu nan take, kuma ba duka nauyinsu ɗaya ba. Mafi muni shi ne sunan wani kamfani daban a cikin wasiƙar. Mutum ya gyara adireshin sama, ya manta cewa can tsakiya ya rubuta yadda ya daɗe yana burin aiki da wasu. Wannan yana faruwa fiye da yadda za a zata. A gurbin da aikinsa duka shi ne kula da ƙananan bayanai, kamar sito ko akawu, ba na buƙatar wata hujja bayan wannan. Kuskuren rubutu guda ɗaya kuwa ba ya kashe wasiƙa a wurina, sai dai in aikin na rubutu ne, ko kuskuren ya faɗa kan sunan kamfanin ko sunan gurbin. Na san abokan aiki da suka fi ni tsanani a nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai siffar shafin, wadda ido ke gani kafin ya karanta harafi ko ɗaya. Rubutu dunƙule guda daga sama har ƙasa, ba sakin layi, da ƙananan haruffa don komai ya shiga, yana hana ido wurin sauka. Shafi ɗaya mai gajerun sakin layi uku ko huɗu ya isa. Wasiƙar da ta tsallaka shafi na biyu galibi takardar tarihin aiki ce aka sake zubawa cikin jimloli, tun daga firamare. Ina da wannan takardar a gefe, ba na son karanta ta sau biyu. Hoton wasiƙa da aka ɗauka da waya ma yana cutar da mai shi ta hanyar da bai sani ba. Idan wasiƙu sun yi yawa nakan danna `Ctrl+F` in nemi kalma kamar Excel, hoto kuwa ba rubutu ba ne a wurin kwamfuta, binciken zai wuce shi. Manyan kamfanoni da ke tara takardu cikin manhajar ɗaukar ma'aikata su ma da kalmomi suke bincike. Fayil ɗin PDF da aka fitar kai tsaye daga rubutun kwamfuta shi ya fi aminci, don tsarinsa ba ya wargajewa daga na'ura zuwa na'ura.

Wanda ya fi yi mini nauyi a rai shi ne wasiƙar da ta buɗe da halin da mai ita yake ciki: ya daɗe ba aiki, iyali na kansa, a taimaka masa. Na yarda gaskiya yake faɗa, kuma nakan ji abin. Amma ni ba ni ke ba da aikin ba. Zan shiga wurin manaja da sunaye kaɗan, a kan kowane suna zai tambaye ni dalili, kuma dalilin dole ya zama abin da mutumin zai iya yi wa siton. Wasiƙar da ta cika da buƙata ba ta ba ni abin faɗa a wannan ɗakin. Sau da yawa in na daure na leƙa takardar tarihin mai irin wannan wasiƙa, sai in ga ashe ya taɓa riƙe kaya ko kuɗi a wani wuri, abin da ya kamata ya zo a layin farko, ya binne shi. Ranar da nake da sarari nakan tono. Ranar da wasiƙu suka yi yawa ba na kaiwa can.

Wanda bai cika sharaɗin talla ba fa? A wannan gurbin akwai wani matashi da bai taɓa aikin sito ba. Bai ɓoye ba, bai kuma fara da ban haƙuri ba. Ya ce ya yi shekara 2 yana tsaron shagon sayar da kayan gyaran mota, shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, shi ya mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel. Sunan aikin daban, aikin kusan ɗaya. Ya shiga tuli na biyu, da na farko bai cika ba aka kira shi. Da ya rubuta cewa yana da "ƙwarewa a harkar sito", da na buɗe takardar tarihinsa na ga ba sito, da zancen ya ƙare a nan. Wannan ne abu na ƙarshe da nake yi kafin in ɗora wasiƙa a tulin farko: in gwada abin da ta ce da abin da ke cikin takardar tarihi. Idan wasiƙa ta ce shekara 3, kwanakin da ke takardar kuma suka ba da wata 14, ba na kiran mutum in tambaye shi wanne ne daidai. Na matar can sun yi daidai, wata da wata, don haka sunanta ne a saman jerin da na kai wa manaja.