Kwana Biyu a Handan, Garin Karin Magana

Mako guda ke nan da dawowata daga ƙasar Sin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana biyun da na yi a Handan, wani tsohon birni a kudancin lardin Hebei. Wani dattijo Basine da ya koyi Hausa tun yana saurayi ne ya ɗauke ni daga Beijing a jirgin ƙasa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu, ya kuma hana ni biyan ko sisi. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Malam.

Handan ta zama hedikwatar tsohuwar daular Zhao a shekara ta 386 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Sinawa suna yi mata kirari da garin chengyu, wato karin maganarsu mai haruffa huɗu. Da isarmu Baba ya kai ni gadar Xuebu, wadda aka gina da dutse a 1617, ya nuna mini rubutun Handan xue bu, ma'ana koyon tafiya a Handan. Na ce ban ga hikima a ciki ba, sai ya yi dariya ya ba ni labarin. Wani saurayi ne daga ƙasar Yan ya ji ana yabon takun mutanen Handan, ya zo koyo, bai iya nasu ba kuma ya mance nasa, har sai da ya koma gida da rarrafe. Kafin ya rufe baki na ce, ai wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama. Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta.

A kan gadar nan na gane bambancinmu da su. Karin maganar Bahaushe takan zo da hotonta a jiki, domin ko yaro ya ji ƙiba da rama ya san inda aka dosa. Chengyu kuwa yawancinsu kamar ƙulli ne a bakin zane, haruffan huɗu sun ɗaure wani tsohon labari, wanda bai san labarin ba zai yi ta juya ƙullin bai ga abin da ke ciki ba.

Rashin sanin labari ne ya kayar da ni da daddare, a wani gidan abinci na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, inda aka kawo mana ruwan zafi zalla a matsayin ruwan sha, abin da in ka yi wa baƙo a Kano sai ya ɗauka korarsa kake yi. Baba ya jefo mini wang yang bu lao, ya fassara ɗaya bayan ɗaya: rasa, tunkiya, gyara, garke. Na ce da ƙarfin gwiwa, ihu bayan hari. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka kama kalmomin, amma ma'anar ta kuɓuce maka." Ashe wani bafade ne ya faɗa wa sarkin Chu maganar bayan dakarun Qin sun ci babban birninsa, kuma cikarta ita ce wanda ya gyara garke bayan tunkiya ta ɓace bai makara ba. Ihu bayan hari zargi ne ga wanda ya tashi bayan an gama ɓarna, tasu kuwa lallashi ce da ƙarfafa zuciya. Na kawo masa da babu gara ba daɗi, ya karɓa da rabin baki, kuma yana da gaskiya, domin tamu tana maganar haƙuri da kaɗan ne, ba hana asara ta biyu ba. Na rama da hua she tian zu, labarin mutumin da ya riga kowa gama zanen maciji a gasa, sannan ya tsaya ƙara masa ƙafafu har ladan ya wuce shi, na ce gyaran gangar Abzinawa, kuma wannan karon bai yi musu ba.

Washegari wata mai sayar da mafici ta nemi yuwan 80 a kan wanda aka rubuta wa karin magana, tana ta nanata wu mei jia lian, wato kaya mai kyau da araha. Na sa Baba ya gaya mata cewa mu a wurinmu araha ba ta ado. Ta tuntsire da dariya, muka daidaita a 30, duk da haka ina ganin ta ci riba, don takarda ce kawai da tsinken gora.

Da yamma muka leƙa haikalin Huangliangmeng, inda aka ce wani ɗalibi ya yi mafarkin daula ta tsawon rai, ya farka ya tarar geron da ke kan wuta bai ko nuna ba. Geronsu rawaya ne, kuma ƙwayarsa ba ta kai tamu girma ba. Mai gadin ya yi ta daka mana tsawa don zai rufe ƙofa, muka fito a gurguje muka kama jirgin dare zuwa Beijing.