Rahoton gidan burodinmu zai riƙa zuwa da kansa

Assalamu alaikum jama'ar gida.

Daga ranar Litinin ba sai an jira magatakarda ya haɗa lissafi a littafi ba. Abin da mai sito da mai karɓar kuɗi suka shigar a kwamfuta kafin ƙarfe 9 na dare, shi zai iso wayar kowane shugaban sashe da ƙarfe 6 na safe. In kun ga `0` a wani layi, galibi wani ne bai shigar da nasa ba, ku kira shi kafin ku ɗaga hankali.

Layi biyun farko nake so ku fara dubawa, `Fulawa` da `Gashi`. A gidan nan buhu mai kilo 50, in an sa ruwa da sukari da bota da yis yadda muka saba, yana ba da kwaɓi kilo 85. Muna yanka giram 850, don haka buhu ɗaya burodi 100 ne. Marigayi maigidana da ya koya mini aiki a Dilimi da tafin hannu yake gane curin da ya yi nauyi, amma bai taɓa barin mu yanka ba sikeli ba. Wannan horon ne ya sa burodinmu na yau da na bara nauyinsu ɗaya, masu shayi daga Taminus har Bukuru sun shaida.

To, a ce rahoto ya nuna buhu 6, gashi 564. Ku raba, kowane buhu ya ba da 94 ke nan, an rasa 36. Ku duba layin `Lalatacce` tukuna, ko tanda ce ta ƙona. In babu komai a can, ku ɗauki curi goma ku aza a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Idan suna haura giram 900, hannun masu yanka ne ya yi nauyi, a gyara. Idan kuwa 850 ɗin ne daidai, to buhun ne bai cika ba, kilo 47 aka kawo mana da sunan 50. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Wasu dillalai sai su farke ɗinki, su ɗebi mudu biyu ko uku, su sake ɗinkewa, mu biya kuɗin cikakken buhu. Malam mai sito, don Allah kowane buhu ya hau sikeli a gaban direba kafin ka sa hannu.

Layin `Dawowa` kuma unguwa-unguwa yake zuwa. Kwana ɗaya ba ya nuna komai, ruwan saman Jos kaɗai ya isa ya hana ciniki. Amma in dawowar wata unguwa ta yi ta hawa kwana uku a jere, mai rabo ya leƙa shagunan da kansa, sau da yawa masu kwaikwayon ledarmu ne suka shigo da burodi mai iska a farashi ƙasa da namu. Ya sayo mini guda ɗaya in auna.