Ina aya ta tsaya, ina Malam ya ci gaba?

Bayan ƙaramar Sallah kwamitin masallacinmu suka turo mini wa'azin Malam na minti 47 a kan haƙuri, wai in mayar da shi rubutu a buga ɗan littafi. Na ce musu su ba ni kwana biyu. Sai da na ci mako guda, kuma ba Hausar ce ta riƙe ni ba. Larabcin da ke ciki, wanda in an tattara shi bai fi minti 5 ba, shi ya cinye kwanakin.

Zama na farko ko taɓa Larabcin ban yi ba. Na buɗe sautin a manhajar sauraro ta VLC, na rage gudunsa da maɓallin `[`, in wata kalma ta wuce ni in danna `Shift` da kibiyar hagu ya koma baya daƙiƙa 3. Duk inda Malam ya shiga Larabci sai in rubuta lokacin kawai, in ce 12:40, in ƙara kalmomi biyu na farko yadda kunnena ya ji su, in wuce. Da na kai ƙarshe na ƙirga wurare 31.

A nan na gane kuskuren da na zo da shi. A zatona duk Larabcin da ya fito daga bakin malami a wa'azi aya ce ko hadisi. Ashe a cikin 31 ɗin nan akwai ayoyi, akwai hadisai, akwai addu'a, akwai kuma zancen Larabawa kawai. Malam ya ce "assabru miftahul faraj" da irin muryar da yake jan aya, har na sa mata alamar aya a daftarin farko. Na duba Alƙur'ani ban same ta ba, domin karin magana ce. Shi kuwa "innamas sabru indas sadmatil ula" hadisi ne, yana cikin Buhari da Muslim. Mai sauraro a masallaci ba ya ganin bambancin nan a rubuce, amma wanda ya ɗauki ɗan littafin zai yarda da duk alamar da na sa. In na ɗaure karin magana da bakan aya, na jingina wa Allah abin da bai faɗa ba, kuma da hannuna.

Don haka na tsayar da alama uku. Aya tana shiga cikin bakan ado irin na litattafan tafsiri, ﴿ ﴾, da sunan sura da lamba a bayanta. Hadisi yana shiga tsakanin « ». Sauran Larabci, addu'a ko karin magana, na bar shi da boko a karkace ba tare da baka ba. A Word, in ka rubuta `FD3F` ka danna `Alt+X` bakan buɗewa zai fito, `FD3E` kuma na rufewa ne. Waɗannan bakan suna da taurin kai: in ka cusa su a tsakiyar layin Hausa, wanda ke tafiya daga hagu zuwa dama, sai ka tarar sun juya wa ayar baya ko sun yi tsalle zuwa wani gefe. Na yi ta fama da su har na haƙura na ba kowace aya layinta ita kaɗai, na mayar da layin mai farawa daga dama.

Da farko na so in rubuta ayoyin da boko, don masu karatunmu da yawa sun fi sakewa da shi. Wani alaramma da na nuna wa ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, sin da sadi da sa mai ɗigo uku duk ka mayar da su harafi ɗaya, to me ya rage?" Gaskiyarsa. Bakinmu ya daɗe da narkar da haruffan nan, shi ya sa ma muke cewa alwala da alƙali da lalura, inda Balarabe ke da harafin da mu muka mayar lam. A magana ba laifi, amma a rubutun aya ma'ana na iya sauyawa. Sai na koma rubuta ayar da Larabcinta, kuma ban buga ko harafi ɗaya da ka ba: na kwafo daga matanin Alƙur'ani na shafin intanet na Tanzil, sannan na gwada da mushafin da ke hannuna.

Wurin da ya fi ba ni aiki shi ne minti na 12. Malam ya ce "ista'inu bis sabri was salah", ya yanke, ya shiga Hausa. Kalmomin nan sun zo sau biyu a Suratul Baƙara. A aya ta 45 da wawi suka fara, "wasta'inu", suka ƙare da "wa innaha lakabiratun illa alal khashi'in", kuma suna cikin jawabin da ake yi wa Banu Isra'ila. A aya ta 153 kuwa an fara da kiran waɗanda suka yi imani, aka rufe da "innallaha ma'as sabirin". Wacce Malam yake nufi? Na maimaita wurin ya fi sau goma ina neman wawin, amma daidai nan wani ya yi tari kusa da wayar da ta ɗauki sautin. Hausar da ta biyo baya ce ta raba gardama, domin can gaba kaɗan ya ce, "Kun ji, Allah yana tare da masu haƙuri." Ta 153 ke nan. Ga yadda wurin ya fito:

[12:40]
﴿اسْتَعِينُوا بِالصَّبْرِ وَالصَّلَاةِ﴾
(Baƙara: 153)
Ku nemi taimako da haƙuri da salla.

Iya abin da ya karanta na sa a cikin baka. Ban cike masa ayar ba, don bai karanta ta duka ba.

Lambar ma sai da ta jawo magana. Alaramman ya buɗe nasa mushafin ya ce 152 ce. Babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Shi ɗan tsangaya ne, da ruwayar Warshu ya tashi, ni kuma na Hafsu ke gabana. A lissafin da mushafin Hafsu ke bi, "Alif lam mim" aya ce mai zaman kanta, a na Warshu kuwa haɗe take da ta bayanta, don haka lambobin suka goce da ɗaya tun daga farkon surar. Baƙara aya 286 ce a na Hafsu, 285 a na Warshu. Na rubuta a shafin farko cewa duk lambobin ayoyi na mushafin Hafsu ne.

Sai kuma fassarar. Malam ba ya fassara aya ya tsaya, yana fassarawa yana ƙari, ba tare da ya ja numfashi ba: "Ku nemi taimako da haƙuri da salla, ba da zuwa wurin boka ba." Rabin farko ma'anar aya ce, rabin ƙarshe nasa ne. Na yanke layin a kan "salla", na sauko da sauran cikin jikin wa'azin. Zuciyata ta raya mini in ɗauko tarjamar Shehu Abubakar Gumi in maye gurbin tasa, tunda ta fi tsari a rubuce. Ban yi ba. Wa'azin Malam aka ce in rubuta, kalmominsa kuma su ne mutane suka ji.

A wuri guda harshensa ya zame, ya sa fa inda mushafi ke da wawi. Ba zan buga aya da kuskure ba, ba kuma zan gyara wa malami a ɓoye ba. Na sa lafazin mushafi a cikin baka, na yi wa wurin tauraro, na kai masa daftarin bayan la'asar tare da wurare biyu da ban gano asalinsu ba. Ya sa tabarau ya duba tauraron, ya yi istigfari, ya ce a bar shi yadda mushafi ya zo da shi. Ɗaya daga cikin wuraren biyun ya ce baitin waƙa ne da ya haddace tun yana zaure, a cire masa « » ɗin da na sa da fensir. Ɗayan kuma ya ce in bar masa takardar zuwa Juma'a, zai duba.